Matakin shiga girma na Arnett, wadda aka aurar tana 17 tana ciki kuwa?

"Malam barka da aiki. A kwas ɗinmu na ilimin halayyar ɗan Adam an koya mana wai akwai sabon mataki a rayuwa tsakanin shekara 18 da 29, mutum ya wuce samartaka amma bai zama cikakken babba ba. Abin ya ɗaure min kai, wadda aka yi wa aure tana 17 ko wanda ya fara neman na kansa tun yana 14 fa, su ma suna ciki? Ina so in yi furojet ɗina a kai."

Barka kadai ƙanwata. In ba ki amsar a gajarce tukuna: a'a, yadda mai ra'ayin ya tsara shi waɗannan biyun ba sa ciki, kuma shi kansa bai taɓa cewa suna ciki ba. Amma kada ki tsaya nan, don in kika tsaya nan furojet ɗin zai zama shafi ɗaya, alhali abin da ya fi daɗin bincike yana gaba.

Mai ra'ayin sunansa Jeffrey Arnett, Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, a shekarar 2000 ya fitar da maƙalar da ta yi suna, a 2004 kuma ya faɗaɗa ta zuwa littafi. Da farko shekara 18 zuwa 25 ya ce, daga baya ya miƙa ta har 29. Abin da ya gani ba wani abu ɓoyayye ba ne. A Amurka a 1960 matsakaicin shekarun auren fari wajen 20 ne ga mata, wajen 23 ga maza, yarinya ta gama sakandare ba da jimawa ba ta yi aure ta haihu, saurayi ya samu aiki a kamfani ya kama gida. Zuwa 2000 lissafin ya koma 25 ga mata, 27 ga maza, yanzu ma ya ƙara hawa zuwa wajen 28 da 30. To tsakanin barin sakandare da aure sai aka samu wani fili na shekara bakwai, takwas, har goma, wanda iyayensu ba su san shi ba. Arnett ya yi hira da matasa wajen 300 a Amurka, ya ce wannan filin ba tsawon samartaka ba ne kawai, yana da kamanninsa na kansa, ya lissafa biyar: neman sanin kai wato gwada soyayya da sana'a da aƙida kafin a tsaya a kan ɗaya, rashin zama wuri ɗaya, mayar da hankali ga kai saboda babu wanda ke wuyanka, jin cewa kana tsaka-tsaki, da kuma jin cewa ƙofofi duk a buɗe suke.

Ki sake karanta biyar ɗin nan a hankali za ki ga kusan dukkansu sun jingina ne a kan abu ɗaya, cewa matashin zai iya canza hanya bai rushe rayuwar kowa ba. Ya bar kwas ɗin da ya fara ya koma wani, ya ajiye aiki bayan wata shida don bai masa ba, ya rabu da budurwa, ya koma gidan iyayensa ya ɗan zauna ya sake fita. Duk wannan sai da wanda zai ɗauki asarar, ko iyaye masu hali, ko gwamnati mai ba da tallafin karatu da na rashin aiki, ko kasuwar aiki mai faɗi da in ka bar nan za ka samu can. Ni a ganina nan ne ma'aunin yake, ba a shekarun haihuwa ba.

Me ya sa aka kira shi mataki, kuma me ya sa aka yi ta faɗa a kai

A ilimin nan idan aka ce mataki, yawanci ana nufin abin da kowa zai bi ta cikinsa a jere, kamar yadda jariri ke zama kafin ya yi tafiya, ko yadda balaga ke zuwa ko an so ko ba a so. Wasu masana biyu, Alice Schlegel da Herbert Barry, a 1991 sun duba bayanan al'ummomin gargajiya 186, suka tarar kusan ko'ina akwai wani ɗan lokaci da aka ware tsakanin ƙuruciya da girma, ko da gajere ne musamman ga 'yan mata, kuma a mafi yawansu aure ne ke rufe shi. Samartaka ke nan ta ci jarrabawar zama ta kowa. Matakin Arnett bai ci wannan jarrabawar ba, shi ma ya yarda, tun a maƙalar farko ya rubuta cewa abu ne na al'adu, ana samunsa inda aka jinkirta aure da haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma ya fi fitowa a birni cikin masu hali. Masu suka irin su James Côté a Kanada da John Bynner a Birtaniya da Leo Hendry da Marion Kloep sai suka ce to in dai ba na kowa ba ne me ya sa za ka kira shi mataki, ai hali ne da tattalin arziki ya jefa mutane ciki, kuma ka ɗauki rayuwar ɗan jami'a mai gata ka mai da ita mizanin kowa. Côté ya fi zafi, shi cewa yake da yawa daga masu jinkirin nan ba zaɓa suka yi ba, aikin kirki ne babu. Har littafi suka haɗu suka yi a 2011, Arnett da Jennifer Tanner a gefe guda, Hendry da Kloep a ɗaya gefen, kowa yana kare nasa.

Ni na fi karkata ga masu sukar a kan kalmar mataki, amma ban yarda a jefar da aikin Arnett ba, don abin da ya siffanta akwai shi, ina ganinsa a aji kullum. Rigimar kawai ita ce su wa ke da shi.

Akwai wani abu na tarihi da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba kuma zai taimaka miki sosai. Jinkirin aure ba sabon abu ba ne ko a Turai. John Hajnal ya nuna a 1965 cewa a arewa maso yammacin Turai, ƙarnoni kafin zuwan masana'antu, mata kan kai wajen 25 kafin su yi aure, maza ma sun fi haka, saboda sai ka iya kafa gidanka na kanka kafin ka yi aure. Me suke yi a shekarun? Da yawansu barantaka suke a gidaje da gonakin wasu, tun suna 'yan shekara goma sha har zuwa aure, suna tara ɗan abin da za su fara rayuwa da shi. Filin nan mai tsawo yana nan, amma ba wanda zai ce baran gona a wancan zamani yana gwada sana'o'i don ya gano wacce ta dace da zuciyarsa. Ke nan tsawon jinkiri daban, 'yancin zaɓi daban. Ko a Amurkar ma a 1890 maza wajen 26 suke aure, auren wurin shekarun 1950 shi ne baƙon abu, ba na bayansa ba.

Mutum uku, duk shekara 22

Bari in kawo miki misalin da nake amfani da shi wajen koyarwa, ƙirƙirarsa na yi amma kowane ɗaya daga cikinsu za ki same shi a ƙasar da auren wuri ya yawaita, ko Nijar ce ko Bangaladash, inda alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata a Nijar ana aurar da su kafin 18, a Bangaladash kuma wajen rabi.

Ta farko an aurar da ita tana 17, yanzu tana da 'ya'ya biyu. Na biyu ya bar makaranta yana 14 ya shiga koyon gyaran mota, ya iya aikin, amma ba shi da garejin kansa, yau akwai aiki gobe babu, yana taimaka wa mahaifiyarsa da kuɗin ƙannensa, aure yana ransa amma babu halin ɗaki. Ta uku tana shekarar ƙarshe a jami'a, iyayenta ke biyan komai, ta taɓa canza kwas sau ɗaya, tana tunanin ko digiri na biyu ko aiki ko aure.

Yanzu a ce kin ba su takardar tambayoyin da aka fi amfani da ita a fannin, wadda Alan Reifman da Arnett da Malinda Colwell suka fitar a 2007, ana ce mata IDEA. Jimloli 31 ne, kowacce tana farawa da cewa wannan lokaci na rayuwarka lokaci ne na kaza, na gwaje-gwaje, na ruɗani, na damammaki masu yawa, na ɗaukar nauyin wasu, mutum ya zaɓi yadda ya yarda daga 1 zuwa 4. Abin da zai faru shi ne makanikin da 'yar jami'ar za su iya samun maki kusan ɗaya a ɓangaren rashin tabbas, duka su ce eh lokacin damuwa ne, eh ban san abin da gobe za ta kawo ba. Su kuma yi kama a tambayar nan da Arnett ya fi so, wato kana jin ka zama babba, eh, a'a, ko ta wani ɓangaren eh ta wani a'a, duka biyun su zaɓi ta ukun. In ba ki yi hattara ba sai ki rubuta a babi na huɗu cewa an tabbatar da matakin a wurin su biyun. Ba a tabbatar ba fa. Ita 'yar jami'ar rashin tabbas ɗinta ya zo ne daga yawan hanyoyi, tana tsoron kada ta zaɓi wadda ba ita ba. Shi kuwa nasa daga rashin hanya ya zo. Ita tana cewa ban gama girma ba don har yanzu ana ciyar da ni, shi yana cewa ban gama girma ba alhali shi ke ciyar da mutum huɗu, abin da ya rage masa kawai mutane su kalle shi a matsayin magidanci, kuma wannan sai da aure, auren kuma sai da kuɗin da babu.

Halin makanikin nan an yi masa suna a bincike, zaman jira. Diane Singerman ce ta fara amfani da kalmar wajen 2007 a aikinta kan tsadar aure a Masar, sai Alcinda Honwana 'yar Mozambik ta faɗaɗa ta a 2012 bayan ta yi hira da matasa a Mozambik, Senegal, Afirka ta Kudu da Tunisiya. Honwana ta nace a kan cewa masu jiran nan ba zaman banza suke ba, fafutuka suke dare da rana, buga-buga, ƙaura, ƙananan sana'o'i, sai dai duk ƙoƙarin bai kai su ga matsayin da al'umma ke kira girma ba. In kin tambaye ni, ga yawancin samari maza a irin waɗannan ƙasashe wannan bayanin ya fi na Arnett kama gaskiya nesa ba kusa ba.

Kuma ki lura da abin da mutane kan manta, ƙasar auren wuri yawanci auren wurin na mata ne. A Nijar binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna rabin mata sun yi aure kafin su cika 16, maza kuwa sai wajen 24. Ke nan a ƙauye ɗaya, gida ɗaya ma, yarinya ba ta da filin ko kaɗan, wanta kuma yana da na shekara takwas ko goma. Idan kika haɗa maza da mata a jaka ɗaya kika fitar da matsakaici, za ki samu lambar da ba ta siffanta kowa ba.

Ita kuma matar auren fa

Nan ne nake so ki fi daɗewa, don nan aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Kuskure na farko a ce tunda ba ta bi matakin ba to girmanta bai cika ba, akwai abin da ta tsallake. Wannan bai da hujja, biliyoyin mutane sun rayu sun tsufa da hankalinsu ba tare da shekara goman gwaje-gwaje ba, kuma shi ne haɗarin kiran abu mataki, duk wanda bai bi ba sai a ga kamar nakasasshe ne. Kuskure na biyu a ce tunda an ɗaura aure to shi ke nan ta zama babba ta ko'ina, babu sauran wani girma da ke gudana a cikinta. Wannan ma ba haka ba ne. Binciken hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɓangaren gaba, mai kula da tsara abu da danne zuciya da auna sakamako, yana ci gaba da nuna har cikin shekaru ashirin da wani abu, kuma ɗaurin aure ba ya hanzarta shi. Tambayar wace ce ni, me na yarda da shi, me nake so rayuwata ta zama, ita ma tana yinta, sai dai tana yinta ne daga cikin nauyin da aka riga aka ɗora mata, ba kafin ta ɗauka ba. Tana koyon yadda za ta zauna da dangin miji, tana gwada 'yar sana'a ta bari ta kama wata, wata ta koma makaranta da goyo, wata auren ya mutu tana 21 ta dawo gida ta shiga wani hali da ba na budurwa ba ba na matar aure ba. Takardar IDEA ba ta da wurin da za ta kama wannan da kyau, don an gina ta ne a kan tsarin gwaji tukuna sannan alkawari, ita kuwa nata alkawarin ne ya riga zuwa.

Ga kuma batun ikon yanke hukunci. A Amurka da aka tambayi matasa me ke sa mutum ya zama babba, uku suka fi fitowa: ɗaukar alhakin kanka, yanke shawara da kanka, da tsayawa da ƙafarka a kuɗi. Aure can ƙasa ya faɗo a jerin. In kika auna matarmu da waɗannan ukun za ta iya faɗuwa biyu, ba ita ke yanke manyan shawarwari ba, ba ta da kuɗin kanta, amma duk unguwa na kallonta a matsayin babba kuma ita ma haka take jin kanta. Ma'aunin ne bai dace ba. Arnett da Juan Zhong sun ga irin wannan a 2014 da suka yi bincike kan 'yan matan Sin da suka baro ƙauye suna aiki a masana'antu, su abin da suka sa a gaba shi ne iya kula da iyaye, samun tsayayyen aiki, da iya renon yara. Girma a wurinsu shi ne wasu su iya dogara da kai, ba kai ka daina dogara da wasu ba kawai.

Na sha ganin wannan da ɗalibaina masu aure. Wata ta taɓa cike takardar a aji, da ta zo jimlar da ke cewa lokaci ne na mayar da hankali ga kai sai ta ajiye biro ta ce Malam wannan in na ce eh ai kamar na ce ni mai son kai ce, alhali abin da take nufi shi ne karatun nan shi ne abu na farko da ta taɓa yi don kanta. Ta zaɓi 1, amma bayanin bakinta 4 ne. Shi ya sa ban yarda da fassara takardar kai tsaye a raba ba tare da an zauna da mutane an ji yadda suka fahimci kowace jimla ba.

Iyakar abin da binciken zai iya gaya miki

Mafi yawan nazarin da aka yi a wajen Amurka da Turai, a Sin da Indiya da Turkiyya da wasu ƙasashen Afirka, ɗaliban jami'a aka tambaya, don su ne a kusa da mai bincike kuma sun iya cike takarda. A ƙasar da 'yan jami'a tsiraru ne, wannan na nufin an tambayi mutanen da tun farko aka san za su fi kama da abin da ake nema. Saboda haka in kika ga maƙala ta ce an samu matakin a ƙasa kaza, abu na farko ki duba wa aka tambaya. Na biyu, kusan duka hoton lokaci ɗaya ne, ba a bi mutum ɗaya daga 16 zuwa 30 ba, alhali maganar mataki magana ce ta yadda mutum ke canzawa. Shi kansa Arnett ya rubuta a 2008 yana kokawa cewa manyan mujallun fannin sun dogara da Amurkawa, waɗanda ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba.

Abin da ya tabbata dai shi ne inda 'yan mata ke daɗewa a makaranta shekarun aure na hawa, filin na buɗewa. Koriya ta Kudu misali ce, cikin ƙarni bai cika ba ta tashi daga auren wuri zuwa inda mata ke haura 30 kafin auren fari. Amma me zai cika filin, gwaji ko jira, wannan ya danganta da ko akwai aiki a ƙarshen karatun.

Ga furojet ɗinki, shawarata kada ki tambayi ko matakin yana nan ko babu, amsar za ta fito eh da a'a ki rasa abin rubutawa. Ki ɗauki shekaru ƙayyadaddu, misali 20 zuwa 24, ki raba gida huɗu, mata masu aure, mata 'yan makaranta, maza masu sana'a marasa aure, maza 'yan makaranta, ko mutum goma goma ne ya isa in hira za ki yi. Ki yi musu tambayar kana jin ka zama babba, amma kada ki tsaya a eh ko a'a, ki bi da me ya rage. Sannan ki ƙara uku naki: a shekara biyun da suka wuce akwai wani babban abu da ka fara ka bari da son ranka, da ka bari wa ya ɗauki asarar, kuma mutum nawa ne za su kwana da yunwa in ka daina abin da kake yi na wata uku. Matan auren ki yi hirar su kaɗai ba a gaban miji ko uwar miji ba, da izininsu, kuma kada ki rubuta sunan kowa a takardar.